Yadda ake warware rashin daidaiton kwadiratik: nemo tushe, gwada kowane yanki

Ɗalibin da ya iya warware x² − 5x + 6 = 0 cikin minti ɗaya yakan tsaya cak idan aka cire masa alamar daidai aka sa > a wurinta. Wanda bai tsaya ba kuwa sai ya yi abin da ya fi tsayawar muni. Zai fitar da faktoci, ya rubuta (x − 2)(x − 3) > 0, daga nan ya ce x > 2 ko x > 3, ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya wuce. A duk lokacin da nake duba takardun 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da NECO da JAMB, wannan kuskuren ne ya fi yawa, kuma yaran da suka fi ƙoƙari ma suna faɗawa ciki. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaron ya riga ya yi aikin da ya fi wuya, sai a matakin da ya fi sauƙi ya zubar da makinsa.

Gwaji ɗaya ya isa ya nuna ɓarnar. Ɗauki x = 0. Sifiri bai kai 2 ba, bai kai 3 ba, don haka amsar ɗalibin ta bar shi a waje. Amma idan ka sa shi a cikin tambayar za ka sami 0 − 0 + 6, wato 6, kuma 6 ya fi sifiri. Ashe sifiri yana cikin amsa, an kore shi ba laifi. Sai kuma ka ɗauki x = 2.5, wanda amsar ɗalibin ta karɓa tun da ya fi 2. Lissafinsa 6.25 − 12.5 + 6, wato −0.25, kuma wannan bai fi sifiri ba. Amsar ta kori na gida, ta shigo da baƙo.

Dokar da ɗalibin ya aro ita ce wadda ke cewa idan ka ninka abubuwa biyu ka sami sifiri, to dole ɗayansu sifiri ne. Dokar gaskiya ce, amma ta sifiri ce kaɗai. Idan ninkin abubuwa biyu ya fi sifiri, ba dole ne su zama duk sun fi sifiri ba, domin −2 sau −3 ma 6 ne. Hanyar da zan shimfiɗa a nan tana kauce wa wannan ramin gaba ɗaya.

Abin da ake bukata kafin a fara

Na farko, iya warware daidaiton kwadiratik, ta hanyar faktoci da kuma ta fomula. Idan wannan bai zauna ba, a koma a gyara shi tukuna, domin duk sauran aikin a kansa yake. Na biyu, sanin dokar ninka alamomi: mainas sau mainas filas ne, mainas sau filas mainas ne. Na uku, takarda mai fili da fensir da rula don zana layin lambobi. Kalkuleta ba dole ba ce, sai in tushen bai fito cif ba. Layin lambobin nan kuwa dole ne. Ɗalibai suna ganin zana shi ɓata lokaci ne, su ce za su riƙe a ka, kuma a nan ake juya tsarin lambobi masu mainas.

Dalilin da hanyar take aiki

Kafin matakai, ga tunanin da ya riƙe su duka. Jimla irin ax² + bx + c tana ba da ƙima ɗaya ga kowane x da ka sa mata. Idan kana matsar da x a hankali daga hagu zuwa dama a kan layin lambobi, ƙimar tana canzawa a hankali ita ma, ba ta tsalle. Saboda haka ba yadda za a yi ta tashi daga ƙasa da sifiri ta koma sama da sifiri ba tare da ta taka sifirin ba. Kamar guga ne a rijiya: ba zai baro cikin rami ya zo hannunka ba sai ya bi ta bakin rijiyar.

Wuraren da jimlar take zama sifiri su ne tushenta, kuma kwadiratik ba ya wuce tushe biyu. Tun da a kan tushe kaɗai alama za ta iya sauyawa, to a tsakanin tushe da tushe, ko daga tushe zuwa ƙarshen layi, alamar guda ce ba ta motsi. Wannan ne ya sa lamba ɗaya tak ta isa ta yi magana da yawun dukan yankinta. Idan ka gwada ta ka ga filas, duk 'yan yankin filas ne. Wanda ya gane wannan ba ya bukatar haddar komai, domin matakan da ke tafe daga nan suka fito.

Zan bi da misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe: a warware 2x² > x + 6.

Mataki na 1: Tara komai a gefe ɗaya, a bar sifiri a ɗaya gefen

Cire x da 6 daga ɓangarorin biyu, ka sami 2x² − x − 6 > 0.

Ana yin haka ne domin hanyar gaba ɗayanta tambaya ce a kan alama, wato sama da sifiri ko ƙasa da shi. Idan akwai wani abu ban da sifiri a gefen dama, faktocinka ba za su gaya maka komai ba. Wanda ya ga x(x − 1) > 6 ya ce tushen su ne 0 da 1 ya nemo wurin da jimlar take zama sifiri, alhali ana tambayarsa wurin da ta wuce 6. Sai ya buɗe bakar, ya dawo da 6 hagu, ya sami x² − x − 6 > 0, sannan tushen gaskiya su bayyana, −2 da 3.

Haɗarin da ya fi girma a wannan matakin shi ne raba ɓangarorin biyu da x. A x² > 3x hannu yakan yi ƙaiƙayi ya soke x ɗaya a kowane gefe, a sami x > 3. Rabin amsar ke nan ya tafi. Gwada x = −1: hagu 1, dama −3, kuma 1 ya fi −3. Duk lambobin da ke ƙasa da sifiri suna cikin amsa. Abin da ya jawo asarar shi ne ba ka san ko x filas ne ko mainas ba lokacin da ka raba da shi, kuma raba rashin daidaito da lamba mai mainas yana juya bakin alamar. Ƙari da ragi ba su da wannan matsalar, don haka da su za ka kwashe komai zuwa gefe ɗaya. A nan sai ka rubuta x² − 3x > 0, ka ci gaba.

Mataki na 2: Nemo tushen

Ajiye alamar > a gefe na ɗan lokaci, ka warware 2x² − x − 6 = 0. Ka rubuta shi a layi dabam, da alamar daidai, don kada aikin neman tushe ya cakuɗe da na rashin daidaito.

Ninka lambar farko da ta ƙarshe: 2 sau −6 ya ba da −12. Ana neman lambobi biyu da ninkinsu −12 ne, jimlarsu kuma −1. Su ne −4 da 3. Sai a raba tsakiyar: 2x² − 4x + 3x − 6. Biyun farko sun ba da 2x(x − 2), biyun ƙarshe 3(x − 2), a haɗe (2x + 3)(x − 2). Tushen su ne x = −3/2 da x = 2.

Ka tabbatar da tushe ɗaya aƙalla kafin ka wuce. Sa 2 a ciki: 8 − 2 − 6 = 0. Ya yi. Wannan binciken na daƙiƙa kaɗan ne, amma idan tushe ya karkace duk abin da ya biyo baya ya karkace tare da shi, kuma gwajin alama ba lallai ne ya tona maka asirin ba.

Tushen nan ba su ne amsa ba. Iyakoki ne kawai. Akwai masu isowa nan su tsaya, su rubuta x = −3/2 ko x = 2, sun amsa tambayar da ba a yi musu ba.

Mataki na 3: Zana layin lambobi, ka dasa tushen a kansa

Ja layi, ka sa ƙaramin tushe a hagu, babba a dama. A misalinmu −3/2 a hagu, 2 a dama. Idan duka tushen masu mainas ne a yi hattara: −5 yana hagun −2, domin shi ne ƙarami, ko da yake 5 ya fi 2.

A kan kowane tushe ka zana ɗan da'ira. Idan alamar tambayar > ce ko <, ka bar da'irar a buɗe, ma'ana tushen kansa ba ya cikin amsa. Idan ≥ ce ko ≤, ka cike ta da fensir. Dalilin a fili yake: a kan tushe ƙimar jimlar sifiri ce cif, kuma sifiri bai fi sifiri ba, amma ya yi daidai da shi. Ka yanke wannan hukuncin yanzu, tun kana kallon tambayar, domin idan ka bari sai ƙarshe za ka manta da wace alama aka fara.

Yanzu layin ya kasu gida uku: abin da ke ƙasa da −3/2, abin da ke tsakanin −3/2 da 2, da abin da ke sama da 2.

Mataki na 4: Gwada lamba ɗaya daga kowane yanki

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a rage gudu.

Zaɓi lamba mafi sauƙin lissafi a kowane yanki. Idan sifiri yana cikin wani yanki, kuma shi ba tushe ba ne, ɗauke shi, domin yana share duk abin da ke da x ya bar maka lambar ƙarshe. Kada ka taɓa ɗaukar tushen kansa, sifiri zai ba ka, ba filas ba mainas. A misalinmu zan ɗauki −2 a hagu, 0 a tsakiya, 3 a dama.

A x = −2: 2(−2)² − (−2) − 6 = 8 + 2 − 6 = 4. Filas.

A x = 0: 0 − 0 − 6 = −6. Mainas.

A x = 3: 18 − 3 − 6 = 9. Filas.

Rubuta alamar kowane yanki a samansa a kan layin: +, −, +.

Dubi layin farko da kyau, wanda aka sa −2. Bakar da ke kewaye da −2 ita ce ta tsare lissafin. Murabba'in −2 shi ne 4, amma ɗalibi mai sauri yakan rubuta −2² ya karanta shi −4, sai 8 ya koma −8, jimlar ta zama −12, yankin da yake filas ya fito mainas. Kalkuleta ma ba za ta cece ka ba. Irin ta kimiyya da ake shiga jarrabawa da ita, idan ka danna mata `-2²` ba baka, −4 za ta ba ka, domin tana fara yin murabba'in kafin ta ɗora mainas. Sai ka danna `(-2)²` za ka ga 4. Haka nan −(−2) a tsakiya ya zama +2, wuri na biyu ke nan da ake zamewa a layi ɗaya.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi idan ka riga ka sami faktoci. Ba ƙimar kake nema ba, alamarta kawai, don haka duba alamar kowace baka ka ninka. A x = −2, baka ta farko 2x + 3 ta ba da −1, ta biyu x − 2 ta ba da −4. Mainas sau mainas, filas. A x = 0, ta farko 3, ta biyu −2, filas sau mainas, mainas. A x = 3 duka biyun filas ne. Ni wannan na fi so ɗalibai su saba da ita, domin babu murabba'i a ciki balle a yi kuskurensa, kuma tana nuna wa yaro da idonsa abin da ya ɓace masa tun farko: yankin hagu ya zama filas ne saboda bakar biyu duk mainas ne.

Wani zai ce ai kullum +, −, + ake samu, me ya sa za a gwada? Ba kullum ba. Wannan tsarin yana fitowa ne idan lambar da ke gaban x² filas ce kuma tushen biyu ne mabambanta. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, tsarin ya canza, kamar yadda za mu gani a ƙasa. Wanda ya haddace tsari zai ci tambaya uku ya faɗi ta huɗu bai san dalili ba.

Mataki na 5: Zaɓi yankin da tambaya take so, ka rubuta shi daidai

Koma kan abin da ka rubuta a mataki na 1: 2x² − x − 6 > 0. Ana son inda jimlar ta fi sifiri, wato yankunan filas, na hagu da na dama. Amsa: x < −3/2 ko x > 2.

Yadda ake rubutawa yana da ƙa'ida. Idan amsar yankuna biyu ne na waje, ana rubuta su dabam dabam da kalmar "ko" a tsakani, domin babu lambar da za ta kasance ƙasa da −3/2 kuma sama da 2 a lokaci guda. Masu son gajartawa sukan matse su wuri ɗaya su rubuta 2 < x < −3/2. Karanta shi da baki ka ji: x ya fi 2, kuma bai kai −3/2 ba. Babu irin wannan lambar, kuma mai duba takarda ba zai ba da maki a kai ba. Rubutu a dunƙule na yankin tsakiya ne kaɗai. Da tambayar ta ce 2x² − x − 6 < 0, amsar sai ta zama −3/2 < x < 2, ƙarami a hagu, babba a dama, bakin alamomin biyu suna kallon gefe ɗaya.

Mataki na 6: Koma kan tambayar asali ka bincika

Ɗauki lamba ɗaya daga cikin amsarka da ɗaya daga wajenta, ka sa su a tambayar kamar yadda aka ba ka ita, kafin ka taɓa ta. A 2x² > x + 6, sa x = −2: hagu 8, dama 4, gaskiya ne. Sa x = 1: hagu 2, dama 7, ƙarya ne, kuma daman 1 yana waje. Ana komawa kan ta asali ne saboda idan an yi kuskure wajen kwashe kaya a mataki na 1, duk gwajin da aka yi a mataki na 4 a kan jimlar da ba daidai ba aka yi shi, kuma zai yi ta amincewa da kansa.

Idan mainas ne a gaban x²

A warware 5 + 4x − x² ≥ 0. Don neman tushe, sa jimlar daidai da sifiri. A daidaito ba laifi a ninka komai da −1, sai a sami x² − 4x − 5 = 0, wato (x − 5)(x + 1) = 0. Tushen −1 da 5, da'irorin a cike tun da ≥ ce.

Tarkon yana wurin gwaji. Yanzu kana da jimla biyu a takardarka, ta asali da wadda ka juya, kuma alamominsu kishiyoyin juna ne. Idan ka gwada a wadda ka juya, ka kuma yi hukunci da ≥ ta asali, amsarka za ta fito a kife. Mafita ita ce ka yi gwajin a jimlar da alamar ≥ take manne da ita. A x = −2: 5 − 8 − 4 = −7. A x = 0: 5. A x = 6: 5 + 24 − 36 = −7. Tsarin ya zama −, +, −, kuma amsar −1 ≤ x ≤ 5.

Wanda ya fi son x² ya zama filas yana iya ninka rashin daidaiton kansa da −1 tun farko, amma dole ya juya alamar a layin nan take: x² − 4x − 5 ≤ 0. Amsa ɗaya za a samu. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a juya jimla a bar alama.

Idan tushen bai fito cif ba

Ba kowace jimla ce take ba da faktoci ba. A x² − 4x + 1 < 0 babu lambobi cikakku da ninkinsu 1 ne jimlarsu −4, don haka sai fomula:

x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a

Da a = 1, b = −4, c = 1, abin da ke ƙarƙashin alamar √ shi ne 16 − 4 = 12, kuma tushen su ne 2 − √3 da 2 + √3. Don dasa su a layi kana bukatar kimanin girmansu: √3 wajen 1.73 ne, saboda haka tushen suna wajen 0.27 da 3.73. Gwada 0, ka sami 1. Gwada 2, ka sami 4 − 8 + 1 = −3. Gwada 4, ka sami 1. Yankin tsakiya ne mainas, amsar 2 − √3 < x < 2 + √3. Kimantawar ta zana layi ce kawai. A amsa ka bar √3 yadda yake, sai in tambaya ta ce a kawo shi da ɗigo. Kuma ka zaɓi lambobin gwaji da suka yi nesa da tushen, domin kusa da iyaka ƙimar ƙarama ce ƙwarai, ɗan kuskuren kimantawa zai iya juya mata alama.

Idan tushen ɗaya ne, ko babu shi sam

Adadin nan b² − 4ac shi ke faɗin yawan tushe. Idan ya fi sifiri, tushe biyu. Idan sifiri ne, tushe ɗaya. Idan ya gaza sifiri, babu tushe a kan layin lambobi.

Ɗauki x² − 6x + 9, wanda shi ne (x − 3)². Tushe ɗaya, 3, yanki biyu. Gwada 0, ka sami 9. Gwada 4, ka sami 1. Filas a hagu, filas a dama. Jimlar ta sauko ta taɓa sifiri a kan 3 ta koma sama ba ta ƙetare ba. Ka tuna abin da aka ce tun farko shi ne alama ba ta iya sauyawa sai a kan tushe. Ba a ce dole ta sauya a kan kowane tushe ba. Wanda ya gwada yanki ɗaya ya cike sauran da tsammanin alamomi suna karɓa-karɓa, a nan zai faɗi.

Wannan jimlar guda tana ba da amsa huɗu mabambanta gwargwadon alamar da aka sa mata, kuma yana da kyau ɗalibi ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan > 0 ce, kowace lamba ta yi ban da 3. Idan ≥ 0 ce, kowace lamba ta yi har da 3. Idan < 0 ce, babu amsa, domin murabba'i ba ya zama mainas. Idan ≤ 0 ce, amsar lamba ɗaya ce tak, x = 3.

Sai x² + 2x + 5. A nan b² − 4ac = 4 − 20 = −16. Da yawa suna ganin mainas ɗin nan sai su rubuta "babu amsa" su tashi. Abin da babu shi ne tushe, amsar rashin daidaiton kuwa magana ce dabam. Rashin tushe yana nufin babu iyaka ko ɗaya a kan layin, dukansa yanki guda ne, gwaji ɗaya ya wadatar. Sa 0, ka sami 5. Jimlar filas ce a ko'ina. Idan an tambayi inda ta fi sifiri, amsar ita ce kowace lamba. Idan an tambayi inda ta gaza sifiri, a nan ne babu amsa.

Ƙaramar tambaya irin x² > 9 ma ta wannan hanyar za a bi da ita. Masu ɗaukar √ a ɓangarorin biyu su rubuta x > ±3 sun rubuta abin da ba shi da ma'ana. Mayar da ita x² − 9 > 0, tushen −3 da 3, gwaji ya ba da +, −, +, amsar x < −3 ko x > 3.

Idan tambayar ta zo cikin labari

Ga wata irin da ake yawan kawowa. Ana son kewaye fili mai kusurwa huɗu don lambu, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 3, kuma girman filin kada ya kai murabba'in mita 40. Wane faɗi ne zai yiwu?

Kira faɗin x, tsawon ya zama x + 3. Sharaɗin shi ne x(x + 3) < 40. A buɗe baka a kwaso 40: x² + 3x − 40 < 0. Lambobin da ninkinsu −40 ne jimlarsu 3 su ne 8 da −5, don haka (x + 8)(x − 5), tushen −8 da 5. Gwada −10: mainas sau mainas, filas. Gwada 0: filas sau mainas, mainas. Gwada 6: filas. Lissafi ya ce −8 < x < 5.

Amma x faɗin fili ne, kuma fili ba ya da faɗin −4, ba ya da faɗin sifiri. Labarin ya zo da nasa sharaɗin da ba a rubuta da alama ba, wato x > 0. Sai ka koma kan layin lambobinka, ka dasa 0 da buɗaɗɗiyar da'ira, ka soke duk abin da ke hagunsa. Abin da ya rage shi ne 0 < x < 5. Bincika da faɗin mita 4: tsawo 7, girma 28, bai kai 40 ba. Da faɗin mita 5 cif: tsawo 8, girma 40, ya kai, don haka 5 yana waje kamar yadda buɗaɗɗiyar da'irarsa ta nuna. Idan kuma tambayar ta ƙara da cewa faɗin cikakkiyar lamba ce ta mita, sai ka tsinto su daga cikin yankin: 1, 2, 3 da 4.